Minti biyar na farko a daren gidauniya

An idar da sallar isha'i, zaure ya cika har an ƙaro kujeru daga waje, ƙamshin soyayyen nama yana tasowa daga bayan labule. Mai gabatar da taro ya ɗauki makirfo, ya ɗan ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya yi sallama. Daga nan zuwa lokacin da zai gayyaci liman ya buɗe taro da addu'a, abin da yake da shi bai wuce minti biyar ba, kuma a cikinsu ne mutane kan yanke shawarar ko za su zauna har a kai ga maganar kuɗi.

Aikin yana da dangantaka da na sanƙira, wanda ke shelar gudummawar da aka bayar a wurin biki ko naɗin sarauta. Bambancinsu shi ne sanƙira yana kambama mai kyauta ne bayan ya bayar, shi kuwa mai gabatarwa yana gyara zukata ne tun hannu bai shiga aljihu ba.

Abin da ya fi cin mutum a jawabin maraba shi ne jerin sunaye. Akwai uban taro, uwar taro, shugaban taro, babban baƙo da kuma babban mai ƙaddamarwa, wanda ake sa ran zai buɗe da kyauta mafi tsoka. A ɓangaren sarauta, sarki ne gaba, sai hakimi, sai dagaci, sannan mai unguwa. Kowa da lafazinsa: Mai Martaba ga sarki, ranka ya daɗe ga hakimi, Allah ya gafarta malam ga liman. Idan wakili aka turo, sunan wanda ya aiko shi ake fara kira. Gogaggen mai gabatarwa yakan zagaya babban tebur tun kafin a fara, ya tabbatar da sarautar kowa daga bakin na kusa da shi, domin wanda aka kira Ciroma alhali Galadima ne zai yi murmushi, amma ya ji. Kuskure na biyu shi ne jan jerin har minti ashirin. Alamarsa a bayyane take: mutanen baya sun koma duba waya, shinkafa ta huce.

Bayan sunaye sai dalilin taruwa, kuma a nan ne da yawa suke ɓata rawarsu da tsalle. Su ce an taru ne don ci gaban al'umma, su wuce. Ba mai zaro kuɗi saboda wannan jimlar.

A ce ƙungiyar ci gaban gari ce ke son gyara azuzuwa uku da iska ta yaye wa rufi, kuma kiyasin aikin naira miliyan 12 ne. Mai gabatarwa da ya san aikinsa zai faɗi cewa 'yan ƙungiya sun riga sun haɗa miliyan 3 daga aljihunsu, saura miliyan 9. Sai ya dubi zauren ya ce, “Jama'a, mu ɗari uku ne a nan. Idan muka raba daidai, dubu 30 ne a kan kowa. Wani zai ɗauki na mutum hamsin, wani dubu biyu ce ƙarfinsa, kuma duka za su hau rufin nan.” Da wannan attajiri ya san inda zai fara, mai ƙaramin ƙarfi kuma bai ji kunyar abin da ya zo da shi ba. Ambaton miliyan ukun yana da nasa amfanin, don baƙo ya fi sakin hannu idan ya ga masu gida sun fara.

Saura ƙa'idojin kuɗi, kuma ya fi kyau a faɗe su tun a jawabin maraba. Ciwon da ya daɗe yana damun gidauniya shi ne alkawari: a tashi a shelanta miliyan, a yi tafi, bayan wata shida sakatare yana bin ofis-ofis. Shi ya sa ake sanar da cewa littafi biyu ne a teburin ma'aji, na abin da ya shiga hannu ko asusu, da na alkawari tare da ranar cikawa, kuma jimla biyu za a karanta kafin a tashi. A karanta lambar asusun ƙungiya sau biyu, a faɗi sunan da zai fito wa mai turawa, don kada kuɗi su faɗa asusun wani mutum. A kuma ba wanda ba ya son a ambaci sunansa hanyar miƙa nasa a ambulan, domin akwai masu ganin shela tana rage lada, kuma sau da yawa ba ƙananan masu bayarwa ba ne.

Liƙi ma yana bukatar jimla guda. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta watsa naira a wurin taro, kuma hukuncinsa ɗaurin aƙalla wata shida ne ko tarar aƙalla naira 50,000, ko duka biyun. Mai gabatarwa sai ya nuna inda aka ajiye akwatin karɓa, ya faɗi lokacin da za a kawo abinci da lokacin da za a tashi, sannan ya juya ga liman ya ce, “Allah ya gafarta malam, bismillah.”