Hujjar da ke iya ɓacewa cikin dare

A farkon Yunin 2021, kamfanin Twitter ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari. Ɗalibar da ta kafa hujja da saƙon a kundin digirinta, ta sa adireshinsa kawai a manazarta, ta shiga uku: malamin da zai duba aikin zai latsa ya tarar da wayam. Littafi yana nan a kanta yadda aka buga shi. Saƙon intanet, manhaja da tarin alƙaluma kuwa ana goge su ko a sauya su, don haka isnadinsu sai ya faɗi wanne aka gani, kuma yaushe.

A tsarin APA bugu na 7, ana rubuta sunan mai saƙon da laƙabinsa na dandalin, sai rana da wata da shekara, sai kalmomi 20 na farkon saƙon yadda suke ko da akwai kuskuren rubutu, sannan sunan dandalin da adireshi. Mai dabara yakan ajiye kwafin shafin a Wayback Machine tun ranar da ya gan shi. Hirar WhatsApp tsakanin mutum biyu ba ta shiga manazarta, tunda mai karatu ba shi da hanyar zuwa gare ta. A cikin rubutu ake ambatonta, da izinin mai maganar.

A ce ɗalibar tana nazarin rigakafin yara. Rubuta "alƙaluman NDHS" bai wadatar ba, domin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi wannan bincike a 2008 da 2013 da 2018, kowanne da sakamakonsa. Dole ta faɗi hukumar da shekarar, ta kuma bambance rahoton da aka buga da ɗanyen fayil ɗin da ta sauke ta yi lissafi da shi. In fayil yana da lambar DOI, ita ake sawa, don ba ta canzawa ko da shafin ya ƙaura.

Manhaja ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. A 2019, fitowar R ta 3.6.0 ta sauya yadda `sample()` ke zaɓen ƙuri'a. In ɗalibar ta ciro gidaje 500 da tsohuwar fitowa, mai duba aikin ya maimaita da sabuwa, gidaje daban za su fito masa ko da sun sa lamba ɗaya a `set.seed()`. Sai a zarge ta da ƙage, alhali lambar fitowa ce ta manta. Maganin layi biyu ne:

```
citation()
sessionInfo()
```

Na farko yana fito da yadda masu R ke so a ambace su, na biyu yana nuna fitowar da ke kan na'urar. Ranar da aka yi lissafin ake kwafe su, domin kafin ranar kare kundi wataƙila an sabunta manhajar sau biyu.