Yadda za a bambance soyayyar gaskiya da ta farauta a farkon neman aure

A makonnin farko na neman aure, wasu samari kan yi wa budurwa ruwan kyaututtuka da kira dare da rana, har su ambaci aure tun kafin su san sunan mahaifinta. Masana halayyar ɗan Adam na kallon irin wannan a matsayin dabarar mallake zuciya, wadda aka fara lura da ita a wasu ƙungiyoyin addini na Amurka a shekarun 1970.

Sai dai ɗoki ba laifi ba ne. Mai so na gaskiya ma yakan zaƙe. Bambancin yana fitowa ne ranar da aka ce masa a'a.

Misali, budurwa ta ce ba za ta fito zance ba saboda jarrabawa. Mai gaskiya zai ji ba daɗi, amma zai yi mata fatan nasara, ya dawo bayan mako guda. Ɗayan kuwa zai yi fushi, ya goranta mata wayar da ya saya mata, ya ce ƙawayenta ne ke zuga ta. Idan aka nemi ya turo magabatansa, ko iyaye suka fara bincike, sai uzuri ya yi ta ƙaruwa.