Awa Nawa Ma'aikatanka Suke Aiki a Shekara?

Yawancin kwangilolin da ke wuce ranar alkawari tun daga lissafin farko suke lalacewa. Mai kamfani yakan ƙirga ma'aikatansa, ya ninka da awa takwas, ya yanke wa mai aiki rana. Awa takwas ɗin nan kuwa lokacin da ake biya albashi a kansa ne. Lokacin da hannu ke kan aiki bai kai haka ba, kuma ana iya gano shi da biro da takarda.

A ɗauki misalin ƙaramar maɗaba'a mai ma'aikata biyar, da ke buɗewa daga Litinin zuwa Juma'a. Mako 52 sau kwana biyar ya ba da kwana 260, wato awa 2,080 ga mutum ɗaya, awa 10,400 ga su biyar. Wannan shi ne lissafin takarda.

Da farko a cire ranakun da mutum ba ya zuwa sam. Hutun gwamnati a Najeriya, daga Sallah ƙarama da babba da Mauludi zuwa Kirsimeti da Ista da 1 ga Oktoba da sauransu, yakan kai kwana 12 ko 13. A sa 12. Hutun shekara kuwa, Dokar Ƙwadago ta ce kada ya gaza ranakun aiki shida bayan an yi wata 12, amma a ce maɗaba'ar nan 20 take bayarwa. Dokar ta kuma yarda a biya marar lafiya har kwana 12 a shekara idan likita ya tabbatar. Sai dai a wajen lissafi, abin da aka saba gani a rajista ake sawa, a ce kwana shida. A ƙara huɗu na jana'iza da suna da kai iyali asibiti. Jimilla kwana 42, saura 218.

Daga nan sai a shiga cikin makon kansa. A awa 40, salla da cin abinci suna ɗauke biyar, Juma'a ta ƙara ɗaya. Taron safiyar Litinin da ganawa da masu kawo aiki, awa uku. Amsa waya, rubuta rasit da jiran a tayar da janareta, uku da rabi. Abin da ya rage shi ne awa 27 da rabi, wato biyar da rabi a rana. Idan aka ninka da kwana 218, ana samun kusan awa 1,200 ga kowane mutum.

Dole ne a bi wannan jeri, a cire kwanaki kafin awoyi. Wanda ya cire taron mako 52 cif, ya kuma cire hutu, ya cire abu ɗaya sau biyu, domin mai hutu ba ya zaman taro. A kuma tuna cewa taron awa ɗaya da mutum biyar suka halarta, awa biyar ya ci.

Akwai sauran gyara ɗaya. Shugaban ma'aikatan rabin lokacinsa yana tafiya ne wajen duba aikin wasu da sayo takarda da tawada, don haka rabin mutum za a ƙirga shi. Huɗu da rabi sau 1,200 ya zama awa 5,400 a shekara, kusan rabin 10,400 ɗin da aka fara da shi. A mako, wajen awa 104 ke nan.

To, a ce wata makaranta ta kawo bugun littattafai da zai ci awa 900. Mai lissafin takarda zai raba da 200, ya ce mako huɗu da rabi. Mai lissafin gaskiya zai raba da 104, ya ga kusan mako tara. Na farkon zai ƙare da kwana a shago, da biyan kuɗin ƙarin lokaci, da ba da haƙuri.

Wannan adadi matsakaici ne na shekara, kuma watanni ba ɗaya suke ba. Da damina zazzaɓin cizon sauro yakan kwantar da mutum biyu a mako guda, da azumi ana tashi da wuri, makon Sallah kuwa kusan babu shi. Saboda haka aikin da zai faɗo a irin waɗannan lokuta sai a sake lissafa shi da kalandar watan. Haka kuma idan mutum ɗaya ne kaɗai ya iya sarrafa injin, awoyinsa ne ma'auni, komai yawan na sauran.

Alamar lissafi ya kauce ita ce ƙarin lokaci ya zama abin kullum alhali babu mai zaman banza. Idan ka ga haka, ɗauko rajistar bara ka ƙirga fashin kowa, ka sa ma'aikata su rubuta abin da ya ci lokacinsu na mako biyu, tare da tabbatar musu ba laifi ake nema ba. Da waɗannan alƙaluma za ka yanke wa mai aiki rana.