Hoton kwalliyar Sallah: kafin tela ya ɗora, ya tambaya

Da an sauko daga Idi, wayar kowane tela mai ciniki takan cika da hotuna. Wannan ta turo nata da "Allah ya saka da alheri, ɗinki ya yi," wancan ya turo na 'ya'yansa sanye da shadda iri ɗaya. Teloli da yawa kan ɗauka cewa tunda an turo, an ba su ke nan. A'a, godiya aka yi musu, ba a ce su yi talla da fuskar matar wani ba.

Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta ɗora wa mai amfani da bayanan mutum nauyin nuna cewa an yarje masa, kuma yin shiru ba yarda ba ne. Wanda ya yarda yana iya janyewa, sannan yaron da bai kai shekara 18 ba, sai iyayensa ko waliyyinsa sun amince. Saboda haka a nemi izinin a rubuce ko da saƙon murya, a kuma adana shi: "Hajiya, ko zan iya sa hoton nan a shafina na Instagram kafin azumi mai zuwa? Da fuska, ko daga wuya zuwa ƙasa?" In ta ce sai ta shawarci maigida, a jira. In hoton hirar WhatsApp za a ɗora, a goge lamba da suna da ɗan hoton da ke sama, wanda shi aka fi mantawa.

Sai batun abin da shaidar masu kawo ɗinki ta ƙunsa. "Ɗinkinku ba na biyu" ba ya sayar da komai, don kowa ya san tela zai iya rubuta wa kansa haka. A ce dai wata ta rubuta: "Na kai atamfa turmi biyu ranar 5 ga azumi, na karɓa ranar 22. Hannun riga ɗaya ya matse, aka buɗa mini washegari." Mai neman tela ba kyan ɗinki kaɗai ke damunta ba, tsoronta kada daren Sallah ya same ta a bakin shago tana jiran a kafa maɓalli. Ranakun nan biyu su ne amsarta. Maganar hannun riga kuwa, a ganina a bar ta yadda take, ita ce ke sa a yarda da sauran.

Lokacin ɗorawa shi ne Sha'aban zuwa farkon azumi, kafin tela ya rufe karɓar aiki. Tunda shaidar ta bara ce, a rubuta "Sallar bara" a kanta, musamman idan an ambaci kuɗin ɗinki, kada a zo ana ciniki da tsohon farashi. Kuma kada a ƙara wa hoton haske har ruwan toka ya koma shuɗi, domin mai saye da hoton za ta shiga Kantin Kwari neman irin yadin.