Wasiƙar neman takardar zama a Italiya: yadda ake juya ta daga Hausa zuwa Italiyanci

Daga cikin ƴan Nijar da suka tafi neman abinci ƙasar Italiya, akwai waɗanda karatunsu na yaƙi da jahilci ne. Suna iya rubuta wasiƙa da Hausa, mai ma'ana da ladabi, amma ranar da hukumar baƙi ta nemi bayani daga gare su, sai sun nemi wanda zai juya musu ita zuwa Italiyanci. A hannun wannan tafinta ne abu yake gyaruwa ko ya ɓaci, domin kalma guda ta Hausa tana iya ɗauke da ma'ana biyu ko uku waɗanda dokar Italiya ta rarrabe su sarai.

Takardar zama, wadda suke kira permesso di soggiorno, tana ƙarƙashin dokar baƙi mai lamba 286 ta shekarar 1998. Mai ba da ita shi ne babban ofishin ƴan sanda na kowane lardi, wato Questura, ta hannun sashensa na baƙi, Ufficio Immigrazione. Tun ƙarshen 2006, yawancin masu nema ta gidan waya suke bi. A can ake karɓar ambulan mai ratsin rawaya, a cike takardun ciki, a manna tambur na yuro 16, kusan jika 10 da rabi ke nan na kuɗin sefa, a miƙa, a karɓi rasit. Dokar ta ce a nemi sabuntawa tun kafin tsohuwar takarda ta ƙare. Wasiƙar rakiya ba ta cikin abin da aka wajabta a wannan ambulan. Amfaninta yana fitowa ne idan wani abu ya sake bayan an miƙa takardu, ko kuwa idan ofishin ya rubuto cewa yana shirin ƙin amincewa. A wannan hali na biyu, doka mai lamba 241 ta 1990 ta ba mutum kwana 10 kacal, daga ranar da takardar ta iso hannunsa, ya kawo bayaninsa a rubuce tare da shaidu.

A ɗauki misalin wani mutumin Tawa, ma'aikaci a wata masana'anta ta arewacin Italiya. Ya miƙa takardunsa na sabuntawa, kafin a kira shi aikinsa ya ƙare, ya samu wani, ya kuma sake gida. Ga abin da ya rubuta da hannunsa:

«Zuwa ga shugaban ofishin baƙi. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, Allah ya ja zamaninka. Bayan gaisuwa, ina sanar da kai cewa na bar aiki wurin maigidana na da, yanzu ina da sabon maigida. Kuma na tashi daga inda nake, ina zaune wurin ɗan'uwana. Don Allah a taimaka a ba ni takardata, domin iyalina a gida da ni suka dogara. Na gode.»

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san wannan wasiƙa ba ta da aibi. Sai dai idan aka bi ta kalma bayan kalma aka zuba cikin Italiyanci, ma'aikacin da ya buɗe ta zai karanta rabin shafi bai san ko wane ne mai magana ba, bai kuma san cikin wane dosiye zai sa ta ba.

Abin da tafinta zai fara fahimta shi ne, ladabin Hausa da na ofishin Italiya ba wuri ɗaya suke zaune ba. Bahaushe yana girmama mutum da doguwar gaisuwa da addu'a. A wasiƙar hukuma ta Italiya kuwa, girmamawa tana cikin tsari. Ana rubuta wa ofishi ne, ba mutum ba, a buɗe da Spett.le, gajeren Spettabile, wato «mai daraja», sa'an nan sunan ofishin. Ƙarƙashinsa sai layin Oggetto, inda ake faɗin batun cikin kalmomi kaɗan tare da lambar da ke jikin rasit na gidan waya. Mai wasiƙa ba ya cewa «ni». Yana ambaton kansa kamar wani ne dabam, da il sottoscritto, wato «wanda ya sa hannu a ƙasa». Ofishin ma ba a ce masa «kai». Kalmar tu, wadda baƙi suka fi koya a wurin aiki da kasuwa, raini ce a takarda irin wannan. Ana cewa codesto Ufficio, «wannan ofishi naku». Gaisuwar da Bahaushe ya buɗe da ita ba ta ɓata ba, an kai ta ƙarshe ne, ta zama kalma biyu: Distinti saluti. Ya kamata tafinta ya bayyana wa mai wasiƙa haka, don kada ya ga an cire addu'arsa ya zaci an mai da shi marar kunya.

Aikin da ya fi wannan nauyi yana cikin kalmomi uku, waɗanda ba ƙamus ne zai warware su ba, sai tambaya.

Ta farko ita ce «maigida». A Hausa, wanda ya ɗauke ka aiki maigidanka ne, wanda kake haya a gidansa shi ma maigida ne. Tafintan da ya bi harafi zai rubuta padrone di casa, alhali wannan a Italiyanci mai gidan haya yake nufi. Ke nan wasiƙar za ta ce mutumin ya sake mai haya, ba ta ce kome ba a kan aiki, wanda shi ne ginshiƙin takardar zamansa. Kalmar doka ga mai ba da aiki ita ce datore di lavoro.

Ta biyu, «na bar aiki». Bahaushe, saboda kunya da kare mutunci, yakan faɗi haka ko da korarsa aka yi, ko kuwa wa'adin kwantaragi ne ya cika. Italiyanci ya raba su uku: dimissioni idan mutum ya ajiye aiki da kansa, licenziamento idan sallamarsa aka yi, scadenza del contratto idan lokacin da aka ɗiba ne ya ƙare. Mai ba da aiki a Italiya wajibi ne ya sanar da hukuma ɗaukar ma'aikaci da rabuwa da shi, saboda haka abin da ya faru yana nan a rubuce. Idan wasiƙa ta faɗi abu guda, takardun hukuma suka faɗi wani, an buɗe ƙofar zargi a kan abin da ba laifi ba ne tun farko. Da aka tambayi mutumin Tawa, sai ya fito da kwantaraginsa: na ƙayyadadden lokaci ne, ya ƙare ran 31 ga Maris, sabon aikin kuma ya fara ran 15 ga Mayu. Waɗannan ranaku biyu su ne zuciyar wasiƙar, ga shi kuwa babu su a rubutun Hausa.

Ta uku, «ɗan'uwana». A baƙunta, duk wanda kuka fito gari ɗaya ɗan'uwa ne. Amma fratello a bakin hukuma yana nufin wanda kuka haɗa uwa ko uba, kuma ana iya neman takardar haihuwa ta tabbatar. Wanda ya sauke mutumin nan abokin tasowarsa ne kawai, don haka sai a rubuta connazionale, ɗan ƙasa ɗaya. A nan ma tafinta zai ƙara tambaya: shin mai masaukin ya sanar da hukuma? Dokar 1998 ta ɗora wa duk wanda ya sauke baƙo ya ba da sanarwa a rubuce cikin awa 48, kuma kofen wannan sanarwa ne shaidar mazauni.

Akwai wani tarko da ya fi kama waɗanda suka yi lakwal, masu bi ta Faransanci kafin su kai ga Italiyanci. Kalmar Faransanci ta ɗan Nijar tana kama da nigeriano, sai hannu ya tafi can. To, nigeriano ɗan Nijeriya ne. Ɗan Nijar nigerino ake ce masa, mace kuma nigerina. Harafi ɗaya ne tsakani, amma ya isa ya sa wasiƙa ta saɓa wa fasfo. Haka batun suna: abin da ke cikin fasfo shi ake kwafewa harafi bayan harafi, ko da a wurin aiki an saba rubuta shi wata siga dabam, kuma sunan da fasfo ya sa a gurbin sunan iyali shi ne cognome.

Bayan an gama tambayoyi, ga yadda wasiƙar ta tsaya:

Spett.le Questura di …, Ufficio Immigrazione

Oggetto: rinnovo del permesso di soggiorno per lavoro subordinato, integrazione documenti, pratica n. …

Il sottoscritto …, nato a Tahoua (Niger) il …, cittadino nigerino, comunica che il precedente contratto a tempo determinato è scaduto il 31 marzo e che dal 15 maggio lavora presso un nuovo datore di lavoro. Comunica inoltre di essere ospitato da un connazionale in via … Chiede pertanto a codesto Ufficio di voler acquisire i documenti allegati e di procedere al rinnovo.

Distinti saluti.

Ma'anarta ita ce: wane, haifaffen Tawa, ɗan Nijar, yana sanar da ƙarewar tsohon kwantaragi da fara sabon aiki, da ranakunsu, da sabon masaukinsa, yana kuma roƙon ofishin ya karɓi takardun da aka haɗo ya ci gaba da sabuntawa. «Don Allah a taimaka» ya koma chiede di voler, wanda roƙo ne na ladabi ba tare da ƙasƙantar da kai ba. «A ba ni takardata» kuma ya zama rinnovo, sabuntawa, domin rilascio na wanda bai taɓa samu ba ne, duplicato kuwa na wanda tasa ta ɓata. Zancen iyali da ke gida an bar shi, ba don ƙarya ne ba, sai don irin wannan takarda a kan aiki da abin shiga ake yanke hukuncinta. Da mace ce ta rubuta, sai kalmomin su juya: la sottoscritta, nata, cittadina nigerina, ospitata. Mantuwa a nan ita ce alamar da ta fi saurin nuna cewa wasiƙar wani aka kwafa.

A ƙasa ana jera abin da aka haɗo, ƙarƙashin kalmar Allegati, kowanne da lambarsa: kofen fasfo, na rasit, na sabon kwantaragi, takardun albashi na watannin baya, da sanarwar mai masauki. Sa'an nan gari da kwanan wata, da sa hannun mai wasiƙa, ba na tafinta ba. Kafin ya sa hannu, tafinta nagari yakan mayar masa da ita Hausa da baki, jimla bayan jimla, har ya ce haka ne. Wanda ba shi da amintaccen tafinta yana iya zuwa ofisoshin da ake kira patronato, waɗanda da yawansu na ƙungiyoyin ƙwadago ne, inda ake taimaka wa baƙi da takardun zama. Aikewa kuwa, ko a kai da hannu a nemi hatimin karɓa a kan kofe, ko a bi ta gidan waya da raccomandata A/R, wadda ake mayar wa mai aikewa da ɗan kati mai nuna ranar da ofishin ya karɓa. Wannan kati da kofen wasiƙar ana adana su wuri ɗaya da rasit na farko, har ranar da sabuwar takardar zama ta fito.