Yadda ake lissafin ƙarfin batirin Daniel

Batirin Daniel, wanda aka ƙirƙira a 1836, yana haɗa zinki da tagulla. Kowane ƙarfe yana da lambar da ke nuna ƙarfinsa na karɓar lantarki a ma'aunin zafi 25: tagulla +0.34 V, zinki −0.76 V. Mai babbar lamba shi ne katod, mai karɓa. Sai a cire lambar anod daga tasa:

E° = 0.34 − (−0.76) = +1.10 V

Tunda sakamakon ya haura sifili, aikin zai gudana da kansa, zinki yana narkewa, tagulla tana taruwa. Da ya gaza sifili, sai an tura masa wuta daga waje. Amma lissafin ba ya faɗin saurin aikin.