Daga Rubutun Na'ura zuwa Taƙaitaccen Bayanin Taron Ma'aikata

Rubutun na'ura shi ne abin da manhaja ke fitarwa idan aka ba ta muryar da aka naɗa domin ta mayar da ita haruffa, kuma irin waɗannan manhajoji sun yawaita tun bayan da kamfanin OpenAI ya saki Whisper a shekarar 2022, manhajar da Hausa ke cikin harsunan da take karɓa. Abin da ke fitowa duk maganar da aka yi ne, da gyaran murya da katsalandan da maimaici, alhali bayanin taro abu biyu kawai yake adanawa, wato shawarar da aka tsayar da kuma mutumin da aka ɗora wa aiwatar da ita.

A ɗauki misalin wata makarantar sakandare mai zaman kanta a unguwar Fadaman Mada da ke birnin Bauchi, inda malamai suka zauna na sa'a guda kafin jarrabawar ƙarshen zango, aka ajiye waya a kan teburi tana naɗar magana. Rubutun zai kai dubban kalmomi, kuma zai fi lalacewa a wuraren da mai magana ya sauya daga Hausa zuwa Turanci a tsakiyar jimla, kamar yadda aka saba a tarukan ma'aikata, ko inda ƙarar fanka ta rufe muryar wanda ke nesa da wayar. Saboda haka sakataren taro yakan fara da gyara laƙabin da manhaja ta bai wa masu magana, irin su "Speaker 1" da "Speaker 2", ya mayar da su muƙaman mahalarta tun yana tuna wanda ya faɗi me, sannan ya bi rubutun yana sa alama a duk inda aka rufe wata magana aka shiga wata, domin a nan ne shawara take fitowa.

Ba a buƙatar gyara rubutun gaba ɗaya, amma akwai wuraren da dole a koma a saurari muryar. Na farko shi ne korewa, domin idan na'ura ta haɗiye kalmar "ba", jimlar "ba za a ƙara kuɗin jarrabawa ba" tana iya komawa akasinta, kuma ana gane hakan idan aka ga "ba" guda ta rage a ƙarshen jimla babu abokiyarta. Na biyu shi ne lambobi, musamman masu kama da juna a kunne kamar sha biyu da sha biyar, waɗanda kuskure a cikinsu kan matsar da wa'adi da kwana uku.

Aiki mafi wuya shi ne gano mai alhaki, kuma a nan laifin ba na na'ura ba ne, domin ladabin magana a taro yakan sa shugaba ya ce "a duba batun kujerun nan" ba tare da ya kama suna ba, mahalarta kuma su amsa da "to, in Allah ya yarda", kowa na zaton wani ake nufi. A misalin makarantar, rubutun zai nuna cewa wata malama ta koka da karyewar kujeru a aji uku, an daɗe ana musu a kan ko a gyara ko a sayo sababbi, ma'aji ya ce zai tambayi kafinta, shugaban makaranta kuma ya ce a gama kafin jarrabawa. Abin da zai shiga bayanin taro layi ɗaya ne: an amince a gyara kujerun aji uku maimakon sayen sababbi, ma'aji zai kawo farashin kafinta ga shugaban makaranta ranar Alhamis. Ba a sa sunan malamar a matsayin mai alhaki, domin kawo ƙorafi daban ne da karɓar aiki, kuma ranar Alhamis ɗin ba a cikin rubutun take ba, sakataren ne ya koma ya tambayi shugaba, tun da "kafin jarrabawa" ba wa'adin da za a iya bin diddiginsa ba ne. Idan kuwa ba a sami wanda ya karɓi wani aiki ba, gaskiya ita ce a rubuta cewa ba a naɗa kowa ba tukuna, a miƙa wa shugaba ya cike gurbin, maimakon a ɗora wa wanda ya fi yawan magana a kansa. Haka nan ba a rubuta "kwamiti" shi kaɗai sai da muƙamin wanda ke jagorantarsa.

Ya kamata a aika daftarin ga shugaban taro a ranar ko washegari, sannan a raba wa mahalarta domin wanda aka jingina wa aikin da bai karɓa ba ya yi magana da wuri. Muryar da aka naɗa kuwa tana ɗauke da sunayen ɗalibai da batun albashi, waɗanda dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta shekarar 2023 ta shafa, don haka ana sanar da mahalarta kafin a fara naɗa, ana kuma goge muryar da ɗanyen rubutun da zarar zama na gaba ya amince da bayanin.